Rage Bolteji ko Rage Wat: Wanne Ya Kamata Ka Yi wa Katin Girafik Mai Zafi da Ƙara?

Idan katin girafik ya ɗau zafi fankokinsa suka fara kuwwa, hanyoyi biyu ake bi don kwantar da shi ba tare da an kwance ko kusa ɗaya ba. Ta farko, ka rage masa iyakar wutar da aka yarda ya ja, wato a manhajar saita katin ka ja sandar da aka rubuta Power Limit baya. Ta biyu, ka gyara jadawalin bolteji da gudu, ka tilasta masa yin gudun da ya saba a kan bolteji ƙasa da wanda kamfani ya ba shi. Mutane kan haɗa su a suna ɗaya su ce rage wuta, amma aikinsu daban, haɗarinsu daban, kuma lokacin da kowace ke ci ba ɗaya ba ne. Ta farko minti ɗaya ce. Ta biyu takan ci maraice guda na saiti da kusan mako na lura.

Kafin a zaɓa sai an san abin da katin ke yi da kansa. A cikinsa akwai jadawali da ke cewa a bolteji kaza ga gudun da ya halatta, a bolteji na gaba ga gudu na gaba, haka har sama. Yayin wasa katin yana hawa wannan jadawali har sai wani abu ya tare shi: ko ya kai iyakar wat, ko ya kai iyakar zafi, ko ya kai ƙarshen boltejin da aka yarda. Saman jadawalin nan shi ne wuri mafi tsada, domin wutar da cif ɗin ke ci wajen aiki tana tafiya kusan haka:

```
P ≈ C × f × V²
```

P ita ce wutar, C kuma adadi ne da ya danganta da ginin cif ɗin da nauyin aikinsa. Gudu, wato f, sau ɗaya ya shiga lissafin, bolteji kuwa, wato V, ninka kansa yake yi. Shi ya sa 'yan MHz ɗin ƙarshe da kati ke ƙarawa suke cin wuta fiye da ƙima, firam ɗin da suke kawowa kuma bai taka kara ya karya ba. Sannan kamfani yana saka boltejin da zai ishi cif mafi rauni da ya tsallake gwaji, a cikin akwati mafi zafi, na tsawon shekaru. Galibin katuna suna da rarar da ba sa buƙata. Wannan rarar ce mai gyaran jadawali yake nema. Mai rage wat kuwa ba ya taɓa ta ko kaɗan.

Bari mu ɗauki kati guda mu bi shi. RTX 3080 ya fito a watan Satumba na 2020 da iyakar wat 320, kuma a wasanni masu nauyi kusan kullum a jikin wannan iyaka yake. Alƙaluman da ke biye misali ne na lissafi, naka katin zai bambanta kaɗan. A ce a wasa yana gudun 1890 MHz a kan 1000 mV, yana jan wat 320. A ce kuma wat 90 daga ciki na memori ne da fankoki da asarar na'urorin daidaita wuta, saura 230 na cif ɗin kansa. Jadawalinsa na asali kuma ya ce a 875 mV gudun da ya halatta 1725 MHz ne.

Idan ka mai da Power Limit kashi 80, katin ba zai wuce wat 256 ba. Yadda zai cika wannan umarni shi ne ya sauko ƙasa a kan jadawalinsa na asali har ya sami matakin da bai wuce wannan wuta ba, wato wajajen 875 zuwa 890 mV, a gudun 1725 zuwa 1750. Ka rage wat sittin da wani abu, ka kuma rasa kusan kashi 8 cikin ɗari na gudu. Firam ba ya faɗuwa daidai da gudu, saboda memori bai rage gudunsa ba kuma wani ɓangare na aikin a kansa ya rataya, don haka asarar da za ka gani takan gaza haka. Wasan da ke ba da firam 100 zai iya komawa 94 ko 95. Da yawa ba za su lura ba idan ba su kunna ma'auni a kusurwar allo ba.

Yanzu ga ɗaya hanyar. Ka ce wa katin: a 875 mV ka yi gudun 1860, kuma kada ka hau sama da nan. Bolteji ya sauko daga 1000 zuwa 875, idan aka ninka shi da kansa ya zama kusan kashi 77 cikin ɗari na da. Gudu ya ragu kaɗan, daga 1890 zuwa 1860. Haɗa biyun, wat 230 na cif ya koma kamar 173, jimillar katin kamar 263. Wutar kusan ɗaya ce da ta hanyar farko, amma gudun da ka rasa bai kai kashi 2 ba, abin da ba ya fitowa a firam sai da ƙyar. A wasu wasannin ma firam ɗin yakan fi natsuwa, saboda katin ya daina dukan iyakar wat yana hawa yana sauka.

A takarda ke nan hanya ta biyu ta yi nasara. Amma dubi abin da ka nema daga katin. Kamfani ya ce a 875 mV ya yi 1725, kai ka ce ya yi 1860. Ka ƙara masa 135 MHz a wannan mataki. Wannan ƙarin gudu ne tsantsa, irin wanda masu tura kati fiye da ƙa'ida ke yi, sai dai kai a ƙasan jadawali ka yi shi. Duk matsalar da ke biyo bayan ƙarin gudu tana iya biyo ka: wasa ya rufe kansa, allo ya yi baƙi na 'yan daƙiƙoƙi, direba ya faɗi ya tashi. Rage Power Limit ba ya kawo ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin katin bai taɓa barin matakan da kamfani ya gwada ba. A ganina wannan ne ainihin abin da ake zaɓa a kai: firam huɗu ko biyar a gefe guda, tabbacin cewa ba abin da zai faɗi a ɗaya gefen.

Akwai wani bambanci da ba a cika faɗa ba, kuma yakan sauya hukunci. Power Limit wat yake tarewa, jadawalin da aka gyara kuwa bolteji yake tarewa. A wasa mara nauyi, inda katin ke jan wat 220 kawai amma ya haye can saman jadawali sama da 1050 mV, iyakar wat 256 ba ta yin komai, tunda bai kai ta ba. Zafi da ƙara suna nan yadda suke. Jadawalin da aka daidaita a 875 mV kuwa yana aiki a nan ma, ya sauko da wat 220 ɗin ƙasa sosai. A ɗaya ɓangaren, idan aka sami wasa mai nauyin gaske a babban allo, katin da aka kulle a 875 mV zai iya jan wuta fiye da yadda ka lissafa, har ya kusanci 300, domin ba ka sa masa rufin wat ba. Wanda damuwarsa na'urar ba kwamfuta wuta ce mai ƙaramin ƙarfi, ko ƙaramin akwati da iska ba ta ratsa shi sosai, rufin wat yake buƙata. Wanda damuwarsa ƙara ce a kowane irin wasa, jadawali ya fi yi masa amfani. Ba abin da ya hana a yi duka biyun, kuma bayan an gama saiti hakan na fi so: jadawali a 875 mV, Power Limit a kashi 85 ko 90 a matsayin shinge.

Don sanin wane hali katinka yake ciki, buɗe GPU-Z, shiga shafin Sensors, ka kalli layin PerfCap Reason yayin da wasa ke gudana. Idan yana nuna Pwr, iyakar wat ce ke riƙe da shi, rage sandar zai yi tasiri nan take. Idan VRel yake nunawa, ya kai ƙarshen bolteji ba tare da ya cika wat ɗinsa ba, sai ka ja sandar baya da nisa kafin ka ga canji. Idan Thrm ne, zafi ya riga ya fara rage masa gudu, kuma kowace hanya ka bi za ka iya ganin firam ya ƙaru maimakon ya ragu.

Yadda ake gyaran jadawali a katin Nvidia shi ne da MSI Afterburner, kuma yana aiki ko katin ba na MSI ba ne. Ka fara buga wasa mai nauyi na minti goma sha biyar ba tare da ka canza komai ba, ka rubuta gudu da bolteji da wat da zafi da saurin fanka. Idan ba ka da waɗannan ba za ka san ko ka ci riba ba. Sai ka danna Ctrl+F, jadawalin ya buɗe: bolteji a kwance, gudu a tsaye. Ka nemi ɗigon 875 ka ga gudun da yake kai. A babbar taga ka ƙara Core Clock da bambancin da kake so, a misalinmu +135, jadawalin duka ya ɗaga. Sannan ka riƙe Shift ka ja linzami a fili don zaɓar duk ɗigogin da ke dama da 875, ka ja su ƙasa da shi, ka danna alamar aiwatarwa. Manhajar za ta miƙar da su su zama layi ɗaya a kwance. Tunda babu ƙarin gudu a gaba, katin ba shi da dalilin neman ƙarin bolteji.

Akwai wata hanya da ake yawan koyarwa, ta sauke jadawalin duka sannan a ɗaga ɗigo ɗaya tak zuwa sama. Tana da sauƙi, amma tana barin tsani mai tsayi tsakanin wannan ɗigo da na bayansa, kuma gudun da katin ke yi a zahiri yakan gaza wanda yake nunawa. HWiNFO64 yana da layin GPU Effective Clock da ke tona wannan. Idan allo ya ce 1860 amma wannan layin yana nuna ƙasa da haka da tazara mai yawa alhali katin na aiki da dukkan ƙarfinsa, jadawalin ne bai yi kyau ba. Ka kuma sani cewa katunan Nvidia suna motsa jadawalinsu a matakan 15 MHz gwargwadon zafi. Abin da ka saita a 1860 katin na sanyi zai iya zama 1845 idan ya ɗumama, wanda ka saita yana da zafi kuma zai iya hayewa 1875 da sanyin farkon wasa, ya faɗi a can. Kada ka zauna a bakin gaɓa. Idan 1860 ne iyakar abin da ya tsaya, ka sauko mataki ɗaya ko biyu ka zauna a nan.

Gwaji shi ne inda wannan hanya take cin lokaci, kuma a nan da yawa suke yaudarar kansu. Manhajar gwaji ta zagaya sau uku ba ta faɗi ba, sai a ce an gama. Wasanni ba iri ɗaya suke matsa wa cif ba. Saitin da ya yi awa biyu lafiya a wani wasa zai iya faɗuwa cikin minti goma a wasan da aka kunna wa Ray Tracing, domin sassan cif da ke barci a can sun farka a nan. Manhajojin da ke dafa kati da gangan, irin FurMark, ba su dace da wannan gwaji ba: suna jan wuta har katin ya daki iyakar wat ya sauko ƙasa da ɗigon da kake son gwadawa, ka ƙare kana gwada wani wuri daban. Wasannin da kake bugawa su ne ma'auni, musamman mafi nauyinsu.

Alamar rashin isasshen bolteji a bayyane take. Wasa ya tsaya cak, allo ya ɗauke na ɗan lokaci, ka tsinci kanka a fuskar Windows. Windows yana ba direban girafik daƙiƙa biyu ya amsa, idan bai amsa ba ya sake tayar da shi. A Event Viewer za ka ga saƙo mai lamba 4101 yana cewa nvlddmkm, wato direban Nvidia, ya daina amsawa ya kuma farfaɗo. Idan ka ga haka, ko ka rage gudun da 15 ko 30 MHz, ko ka matsa zuwa ɗigon bolteji na gaba, kamar 887 ko 900. Ƙarancin bolteji ba ya ƙona kati, kuma saitin ba a cikin katin ake rubuta shi ba, da ka sake kunna kwamfuta ya koma yadda yake. Abin da za ka iya rasawa shi ne wasan da ba ka adana ba, ko aikin da ya yi awa uku yana gudana. Saboda haka kada ka kunna maɓallin da ke sa Afterburner ya ɗora saitin tun daga tashin Windows sai bayan kwanaki na wasa lafiya. Kuma wanda yake amfani da katin wajen haɗa bidiyo ko zane mai ɗaukar dare guda, ko wanda yake gasar da faɗuwa ɗaya ke jawo masa hukunci, ni Power Limit kaɗai zan ce ya taɓa.

To me wat sittin ɗin nan ke saya? Tazarar zafin cif da na iskar ɗaki tana bin wat kusan kai tsaye idan saurin fanka bai canza ba. A ce ɗaki yana digiri 26, katin yana 76 a wat 320, tazara 50 ke nan. A wat 263 tazarar za ta koma kamar 41, katin ya zauna a wajajen 67. Amma ba za ka ci ribar sau biyu ba. Ko ka karɓe ta a sanyi, ko ka karɓe ta a shiru, ko ka raba. Katin da kansa yakan raba, ya rage zafi kaɗan ya rage fanka kaɗan, shi ya sa wasu ke cewa sun yi duk wannan wahala digiri huɗu kawai suka samu. Su duba saurin fankar, can sauran ribar ta tafi. Ƙarar fanka tana hawa da sauri fiye da juyawarta: saukowa daga juyi 2000 a minti zuwa 1500 yana rage kusan desibel 6, kuma kunne yana jin wannan sarai. Idan shiru kake nema, bayan ka rage wutar sai ka gyara jadawalin fanka da hannunka, ka bar katin ya zauna a 72 ko 73 da fanka a hankali. Wannan zafi ba ya cutar da shi.

A nan RTX 3080 yana da tarko. Memorinsa nau'in GDDR6X ne, mai zafi, kuma rage boltejin cif bai rage wa memori komai ba. Iskar fankokin nan ita ce ke sanyaya shi. Idan ka rage fanka da yawa saboda cif ya yi sanyi, memori zai iya hawa. Ka sa ido a layin GPU Memory Junction Temperature a HWiNFO64. A digiri 110 katin yake fara rage gudu don kare kansa, kuma ba na son ganin ya wuce 100 a wasa na yau da kullum. Haka RTX 3090, wanda ke da memori har a bayan allonsa, abin ya fi tsanani.

Masu katin AMD lissafinsu ya ɗan juya. Ba sa buƙatar wata manhaja, a cikin Adrenalin ake yi, wato manhajar da ke zuwa tare da direban AMD, ƙarƙashin Performance sannan Tuning. A jerin RX 6000 da RX 7000 akwai sandar Voltage da ta Max Frequency. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne sun rage bolteji amma wat bai motsa ba, zafi ma haka. Dalili kuwa katin ya ga ya sami sarari a ƙarƙashin iyakar wat, sai ya cike shi da ƙarin gudu. Firam ya ƙaru, fanka na nan tana kuwwa. Don a sami sanyi sai an haɗa da rage Max Frequency ko Power Limit, kuma a waɗannan katunan sandar Power Limit ɗin kaɗan take komawa baya, don haka rufin gudu ne babban makami. Idan direba ya faɗi, Adrenalin yakan mai da komai yadda kamfani ya saita, wanda ke nufin idan wata rana ka ji fanka ta dawo da ƙararta, ka leƙa ko saitin ya goge. Ka adana shi a fayil don kada ka sake shigar da lambobi da hannu.

A kwamfutar tafi-da-gidanka sandar Power Limit galibi a kulle take, jadawali ne kaɗai ƙofar da ta rage, kuma tunda wat ɗin da aka ware mata kaɗan ne, ribar takan fito a ƙarin firam fiye da shiru. A Linux kuwa abin ya juya, rage wat ne mai sauƙi, layi ɗaya ne:

```
sudo nvidia-smi -pl 260
```

Katunan da suka fito daga baya masu babbar iyaka, irin RTX 4090 mai wat 450, sun rage wa gyaran jadawali daraja. A wasanni da yawa ba sa ma kai iyakarsu, kuma rage ta zuwa kashi 80 ba ya cin firam sai kaɗan. Tazarar da ke tsakanin hanyoyin biyu a can ta fi ƙanƙanta da wadda muka lissafa wa 3080, har mako guda na gwaji ya zama bai cancanta ba ga yawancin mutane.

Abubuwa biyu kuma suna iya sa duk wannan muhawara ta zama ba ta da amfani. Idan allonka firam 60 ko 144 yake iya nunawa, katin kuma yana zuba 200, to ka sa iyakar firam a saitin direba ko a cikin wasan. Aikin da ba a yi ba ba ya cin wuta, kuma wannan yakan rage zafi fiye da hanyoyin biyu a wasanni marasa nauyi. Na biyu, ka kwatanta GPU Temperature da GPU Hot Spot Temperature. Tazarar digiri 10 zuwa 15 abu ne da aka saba gani. Idan ta kai 25 ko 30, fanka kuma tana tashi da gudu da zarar an fara wasa, man da ke tsakanin cif da ƙarfen sanyaya ne ya bushe ko ya gudu gefe, ko ƙura ta toshe haƙarƙarin ƙarfen. Rage bolteji zai ɓoye wannan na ɗan lokaci, amma gyaransa sai an buɗe katin an sa sabon mai.

Idan katin lafiyarsa ƙalau, ka fara da Power Limit a kashi 80, ka buga wasanka na kwana biyu da ma'aunin firam a kunne. In asarar ba ta dame ka ba, ka tsaya nan. In ta dame ka, ko ka ga PerfCap Reason yana nuna VRel a wasannin da ka fi bugawa, sai ka buɗe jadawali. A katin jerin RTX 30 ka fara daga 900 mV da gudun da ya gaza wanda ka rubuta da farko da 30 MHz, ka riƙa saukowa da kusan 25 mV bayan kowane zama da ya wuce lafiya, har ranar da direba ya faɗi, sannan ka koma mataki ɗaya sama.